Ankon Sallah na gida guda: yadda ake haɗa launin leshi, shadda da damas

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu bakwai ne a gida: ni, maigida, yara maza uku ('yan shekara 15, 9 da 4) da mata biyu ('yan shekara 12 da 6). Ina so mu yi anko a Sallar bana, mu mata leshi da ɗaurin damas, maza kuma shadda. Bara mun gwada, a shago kala ɗaya muka gani, amma ranar Idi kowa da irin tasa. Yaya ake haɗawa ya fita daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abu na farko, ki cire rai da samun kala ɗaya sak a kan leshi, shadda da damas. Ba rashin iya zaɓe ba ne, kayan ne ba sa yarda. Shadda mai kyau auduga ce, leshi da yawa a kasuwa yanzu zaren roba ne ko gauraye, damas na ɗauri kuma yawanci roba ne da zaren ƙyalli a ciki. Rinin da ke kama auduga daban, wanda ke kama roba daban. Ana iya haɗa rini biyu su yi kama da juna a ƙarƙashin wani haske, su rabu a ƙarƙashin wani. Shagunan Kantin Kwari da ire-irensu mafi yawa fitila suke kunnawa da rana tsaka, farin ƙwai mai ɗan shuɗi-shuɗi, filin Idi kuwa hasken hantsi ne. Abin da ya haɗu a can ba lallai ya haɗu a nan ba.

Bayan rini akwai saƙa. Furen da kike gani a jikin shadda ba bugawa aka yi ba, kuma ba wani launi aka ƙara ba. Zare iri ɗaya ne, a wani wuri zaren tsaye ke sama, a wani wuri zaren kwance, sai haske ya faɗa musu daban. Shi ya sa idan kika juya shadda a hannu, furen da ya yi haske sai ya ciza, jikin da ya ciza sai ya yi haske. Yadi ɗaya ma kala biyu yake nunawa, balle a ce a daidaita shi da leshi mai huji-huji wanda rabin launinsa daga shafin da ke ƙarƙashinsa yake zuwa.

Don haka dabarar ita ce a bar neman kama, a nemi dangantaka. A samu launi guda da ke yawo a jikin kowa, a wani ya zama shi ne jikin kayan, a wani ya zama zaren aiki, a wani hula ko ɗauri. Ido ba ya damuwa da bambanci bayyananne, ruwan madara kusa da ruwan hanta kowa ya san da gangan aka yi. Abin da ke ɓata anko shi ne kusan-kama: ruwan hanta biyu a tsaye kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya karkata ja, ɗaya ya karkata shunayya. Wannan kowa zai gani, har wanda bai san yadi ba.

Leshi ake fara saya. Dalili kuwa shi ne shi ya fi wuyar samu a irin da ake so, kuma shi ya fi ƙarancin zaɓi: zane ɗaya yakan zo da kala biyar ko shida ne kawai, in ya ƙare ya ƙare. Shadda kuwa launinta ba iyaka, zaren aiki ya fi ta yawa, shafi kuma ko'ina akwai shi. Wanda ya fara sayen shadda ya ɗaure kansa, zai yi ta zagaya kasuwa yana neman leshin da zai bi ta, daga ƙarshe gajiya ta sa ya ɗauki wanda ya yi kusa. A fara da mai wuya, sauran su bi shi.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce kin samu leshi mai jikin ruwan hanta, an yi masa aiki da zaren ruwan zinare, da ƙananan furanni ruwan madara nan da can. Launi uku ke nan a hannunki, kuma duk abin da za a saya wa mutum bakwai daga cikin ukun nan zai fito. Kada a ƙara na huɗu.

Kafin ki bar shagon, ki gane inda kowane launi ya karkata. Ruwan hanta iri biyu ne a kasuwa: akwai mai jan ƙasa-ƙasa, kamar makuba, akwai mai ɗan shunayya a ciki. Ruwan zinare ma haka, akwai mai ɗorawa-ɗorawa har yana neman kore, akwai mai ja-ja kamar tagulla. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki ɗora bakin leshin a kan farar takarda, ki fita da shi ƙofar shago, wurin da akwai hasken rana amma a inuwa. Kusa da fari, karkatar launi ba ta ɓuya. Kada ki duba a tsakiyar rana kai tsaye, ƙyallin zai kashe miki ido, komai ya zama fari-fari. Hantsi ko bayan la'asar kaɗan ya fi, amma ba dab da magariba ba, lokacin hasken kansa ya yi ja. Mai shagon da ya san kayansa ba zai hana a fita da yadi ƙofa ba, sau da yawa ma shi zai haɗa ki da yaronsa ya riƙe miki.

Leshi yadi biyar-biyar ake sayarwa. Ke kina buƙatar biyar cif, ko doguwar riga ce ko riga da zane. 'Yar shekara 12 za ta ci kamar yadi uku, 'yar shekara 6 kamar biyu, idan dogayen riguna ne marasa yawan tattara. Guda biyu ke nan, yadi goma, kuma babu rara sosai, saboda haka idan ɗinkin 'yan matan mai baza ne ki faɗa wa tela tun kafin saye. Ki sa a warware duka biyun a gabanki, a jera su gefe da gefe a haske. Zane ɗaya da lamba ɗaya a leda ba su tabbatar da cewa tukunyar rini ɗaya suka shiga ba. In akwai ɗan bambanci kuma babu wani, ki ɗauki guda ke kaɗai, ɗayan a raba wa yaran biyu. Abin da ba a yi shi ne a haɗa yanki daga wannan da yanki daga wancan a riga ɗaya.

Yanzu shafi, wanda mutane da yawa ke bar wa tela ya sa duk abin da ya samu a shagonsa, alhali shi ke yanke hukuncin launin leshi. Leshin ruwan hantan nan, in aka sa masa shafi ruwan hanta, zai fito a cize, cikakke, aikin zinaren ya tashi a kai. In aka sa masa ruwan madara, hujin zai yi haske, daga nesa rigar ta koma kamar ruwan hoda mai duhu, zanen leshin ya fito ƙarara amma zinaren ya nutse. In aka sa baƙi, sai ya yi duhu ya mutu, ya zama kamar ruwan ƙasa. Leshi ɗaya ne, riga uku daban. Ga irin wannan anko shafi mai launin jikin leshin ya fi, domin ana so ruwan hantan mata ya tsaya da ƙarfinsa ya amsa zaren da za a yi wa maza aiki da shi. Ki saya da kanki, daga bandir ɗaya, wanda zai ishi ku ukun: kamar yadi huɗu naki, biyu da rabi na babbar, ɗaya da rabi na ƙaramar, takwas ke nan. Ki gwada shi a ƙarƙashin leshin tun a kasuwa, ki ja baya taku uku ko huɗu ki duba, domin daga nesa mutane za su gan ku. Shafi mai sheƙi sosai yana leƙowa ta huji yana gasa da aikin leshin, mara sheƙi ya fi kwanciya. Idan kuwa telanki daban da na yara, kowane tela a kai masa nasa shafin a cikin ledar, in ba haka ba za ki ga uwa a cize, 'ya'ya a washe.

Sai shaddar maza. Zaɓi biyu ne masu kyau a nan, da ɗaya da ya kamata a guje wa. Wanda za a guje wa shi ne neman shadda ruwan hanta da za ta yi daidai da leshin, saboda dalilan da aka faɗa a sama. Mafi aminci shi ne shadda ruwan madara, wadda ta ɗauko launin ƙananan furannin leshin, a yi mata aiki da zare ruwan hanta ko a gauraya shi da ɗan ruwan zinare. A hoto za a ga mata a cize, maza a haske, launin kowane ɓangare yana jikin ɗayan. Na biyu, idan maigida yana son kaya mai nauyin launi, a ɗauki ruwan hantan da ya fi na leshin duhu sosai, duhun da ba wanda zai ce kuskure ne, a yi masa aiki da zaren madara. Sai dai a tuna Idi da safe ake yi a fili, shadda mai duhu tana shan zafi, kuma ƙura da farin sitaci sun fi nunawa a kanta. Ga gida mai ɗan shekara 4, ruwan madara ma yana da nasa, domin miya da zoɓo ba sa ɓuya a kansa, amma tabo a haske ya fi sauƙin wankewa a kan dusashewar mai duhu, wadda ba ta da magani.

Ruwan madara ba fari ba ne, kuma wannan wuri ne da ake yawan faɗawa. Fari ƙal na shadda ana sa masa sinadarin da ke sa ya yi haske a rana har da ɗan shuɗi-shuɗi. In aka tsayar da shi kusa da furen madara, furen sai ya zama kamar ya yi datti. Madarar ma hawa-hawa ce, akwai mai kusan fari, akwai mai ɗorawa, akwai mai ɗan hoda-hoda. Ki tafi da ƙyallen leshin da ke da furen a jiki, faɗin tafin hannu ya isa, ki ɗora shi a kan shaddar. In furen ya ɓace a kan shaddar ko ya kusa ɓacewa, kin samu. In ya fito rawaya, shaddar ta yi fari da yawa. In ya fito fari tas, shaddar ta yi ɗorawa da yawa.

Lissafin yadi: maigida in babbar riga ce da 'yar ciki da wando, yadi goma. Ɗan shekara 15 kaftani da wando yadi huɗu, in dogo ne huɗu da rabi. Ɗan shekara 9 yadi uku, ɗan shekara 4 yadi biyu. Sha tara ke nan, ki sayi ashirin. Faɗin shadda ya bambanta daga iri zuwa iri, mai faɗi sosai tana rage abin da za a ci, saboda haka ki tambayi faɗin ki faɗa wa tela kafin a yanka. Wanda ke saye a Maraɗi ko Damagaram, inda ake awo da mita, ya tuna yadi bai kai mita ba: yadi goma mita tara ne da ɗan ɗoriya. Yadin da ya yi rara ba asara ba ne. Shi za a wanke don gwaji, shi za a kai wa mai aiki da mai hula, kuma in tela ya ɓata hannu ɗaya da shi za a gyara.

Duk yadi ashirin ɗin su fito daga bandir ɗaya. Wannan shi ne sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci a ɓangaren maza, domin su huɗun kaya iri ɗaya za su sa, za su jeru a sahu, kuma a nan ɗan bambanci ke fitowa fili. Ko gezna ce ta Ostiriya, ko ta Sin mai sauƙin kuɗi, rini zubi-zubi ake yinsa, zubin yau da na wata mai zuwa sukan ɗan saɓa ko da sunan kalar ɗaya ne. In mai shago ya ce saura yadi goma amma zai karɓo ragowar a maƙwabta, ki sa a kawo a jera su, bakin wannan a kan bakin wancan, fuska ɗaya, tsawo yana kallon gefe ɗaya. In layin da suka haɗu ya ɓace, to. In kina ganinsa, a raba bisa mutum: goma na maigida daga guda, na yara daga ɗayan. Galila kuwa, wadda ake rinawa da hannu a Mali, ba ta da wannan tabbaci ko kaɗan, kowane yanki da yadda ya sha rini. Tana da kyau ga mutum ɗaya, amma don ankon maza huɗu sai in an samu wadda aka rina tare a yanki guda.

Akwai matsalar da ke faruwa a teburin tela ko da an sayi komai daidai. Tunda launin shadda yana sauyawa da yadda haske ya faɗa wa saƙar, in aka yanka gaban riga a tsaye, aka yanka hannu a kwance don a tsimi yadi, hannun zai fito kamar daga wata shadda aka ɗauko shi. Haka in aka juya wani yanki kai ƙasa, ko aka kifa bayan yadi ya zama fuska, abin da ke da sauƙin faruwa domin shadda gaba da baya suna kama, sai dai furen da jikin sun yi musaya. Alamar ita ce rigar tana daidai in an shimfiɗa ta a gado ana kallo daga sama, amma da an sa ta an tsaya a rana sai wani ɓangare ya yi duhu. Maganin kafin yanka ne: a sa alli a bayan yadin, a ja kibiya mai nuna sama a kowane yadi ɗaya, a ce wa tela duk yanki ya bi kibiyar. In an yanka wa kowane yaro nasa tun a kasuwa, a yi alamar kafin a naɗe. Tela mai kirki ya san wannan, amma a goman ƙarshe na azumi yaran shago ne ke yawan yanka da dare, kuma yadin da aka ba shi cif-cif shi ke tilasta masa juyawa. Ga wani amfanin yadin rara.

Zaren aiki shi ke ɗaure ɓangarorin biyu, don haka kada a aika wa mai aiki saƙon baki cewa a sa ruwan hanta. Nasa ruwan hantan daban da naki. A kai masa ƙyallen leshi haɗe da shafinsa, a zaɓi zaren a gabansa. Zare a kan ƙwarya yakan fi cizawa domin a tattare yake, in aka shimfiɗa shi a aiki yana sheƙi sai ya ɗan washe, musamman a kan shadda mai haske. Saboda haka a warware zaren, a kwantar da layi da yawa a kan ƙyallen, kuma in ana shakka tsakanin biyu a ɗauki mai ɗan duhu. Mafi kyau a roƙi ya yi ɗan gwaji a kan guntun shaddar, ko da tsawon yatsa ne. A tambaye shi ko zaren da ke hannunsa zai ishi riga huɗu, domin babbar riga kaɗai tana cin zare da yawa, in ya ƙare a tsakiya aka sayo wani, aljihu da wuya sukan fito daban. Duk rigunan huɗu wuri ɗaya za a kai su. Zare mai arha ja ko ruwan hanta yana zuba a wanki, kuma a kan shaddar madara wannan ɓarna ce babba, za a ga ja-ja ya bi gefen aikin. A jiƙa guntun zaren a matse shi cikin farin ƙyalle, in ya bar launi a canza.

Damas na ɗauri yadi biyu ya ishe ki. A misalinmu ruwan zinare ya fi dacewa, kuma a nan ne karkatar da kika duba tun farko za ta yi aiki: in zinaren leshin mai ja-ja ne, damas mai ɗorawa-kore zai yi faɗa da shi a daidai fuskarki, inda kowa ke kallo. Damas yana da fuska biyu da ake iya amfani da su, ɗaya ƙyalli ya rinjaya, ɗaya launin ƙasan ya rinjaya. Wanda ke da zinare da ruwan hanta a saƙe tare yana da daɗin sha'ani, domin ana iya juya shi a ga fuskar da ta fi kwanciya da rigar. Ki naɗa shi a hannu ki duba, kada ki duba a shimfiɗe kawai, domin a ɗauri lanƙwasa yake yi, wani wuri ya kama haske wani ya yi inuwa. In leshin ya cika aiki da duwatsu, ɗaurin ya zama mai sauƙin zane. 'Yan matan ba sa buƙatar damas, yana da nauyi da tauri a kan yaro, ɗankwali daga ragowar leshin ko ƙaramin mayafi ya wadatar. Mayafinki kuwa ya ɗauki madara ko ruwan hantan shafin. Mayafi shara-shara ne, launin abin da ke ƙarƙashinsa yana ratsowa, sai a gwada shi a kan leshin, ninki ɗaya, yadda za a yafa shi.

Hula ba ta buƙatar ta zama iri ɗaya ga duka huɗun. Zanna Bukar da sauran hulunan hannu launi da yawa ake haɗawa a jikinsu, kuma da wuya a samu huɗu masu zane ɗaya a girma huɗu. Ya isa a ce kowace tana da ruwan hanta ko madara a matsayin launin da ya rinjaya, babu wani baƙon launi mai ƙarfi kamar kore ko shuɗi da zai ja ido. A tafi da ƙyallen shadda da guntun zaren aiki wajen mai hula.

Duk wannan yana nufin za ki riƙa yawo da 'yar leda mai ƙyallaye: leshi da shafinsa a manne da allura, shadda, zare, damas. Kada ki dogara da hoton waya. Kamara tana gyara launi da kanta bisa hasken wurin, allon kowace waya kuma da yadda yake nunawa, ruwan hanta da shunayya su suka fi shan wannan. In dole sai an yi saye daga nesa, a aika ƙyallen ga wanda zai je shagon, ko a nemi mai kaya ya ɗauki hoton yadin kusa da farar takarda a waje, kuma a yi sharaɗin canji in ya zo daban, kafin a sa masa almakashi.

Saura wanki, domin kayan Sallah ba rana ɗaya ake sa su ba. Sheƙin sabuwar shadda wani ɓangarensa daga gogewar masana'anta ne, kuma sheƙin yana ƙara wa launi zurfi. Bayan wanki yakan ragu, launin ya ɗan kwanta, sai sitaci da bugu ko guga mai kyau su dawo da shi. Leshin roba da damas kusan ba sa sauyawa. Wato ko da an dace sun yi kama ranar farko, bayan wanki biyu ko uku za su rabu, kuma wannan wani dalili ne na zaɓen launin da ya bambanta tun asali. Ki yanki faɗin tafin hannu daga yadin rara, ki wanke da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ki shanya a inuwa, ki goge, ki ɗora a kan wanda ba a wanke ba. Sai ya bushe sarai za a yi hukunci, jiƙaƙƙen yadi kullum ya fi duhu. In bambancin ya yi yawa ko ruwan ya rine, kin sani tun kafin a kashe kuɗin ɗinki. In kuma kina shakkar ko auduga ce, a zaro zare kaɗan a kusanta shi da wuta: auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule. Daga baya kayan maza huɗun a riƙa wanke su lokaci ɗaya, ko an sa wani sau ɗaya ne kawai. In na ƙaramin ya sha wanki biyar na maigida ɗaya, zuwa Babbar Sallah ba za su ƙara zama anko ba. Kada a jiƙa leshin ruwan hanta a baho ɗaya da shaddar madara.

Game da lokaci, a yi saye a Sha'aban ko makon farko na azumi. A lokacin bandir yana cike, ana samun yadi ashirin a jiki ɗaya, kuma in wani abu ya gaza ana iya komawa a tarar da ragowarsa. Telolin da ake rububi sukan rufe karɓar ɗinki tun tsakiyar azumi, babbar riga mai aiki kuma ita ta fi cin lokaci, ita za a fara kaiwa. Ki nemi a gama komai kwana biyar ko shida kafin Sallah, a rataye kayan mutum bakwai a igiya ɗaya a tsakar gida da hantsi, a ja baya a duba.

In a ranar aka ga wani abu ya kauce, akwai abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa. Shafi ana iya farke shi a sa wani cikin yini ɗaya, kuma shi ne gyara mafi arha in leshin ya fito a washe. Ɗauri, mayafi da hula ana canza su a kasuwa. Hannun da aka yanka a juye sai dai a sake yanka shi daga yadin rara. In shaddar ce ta gaza kuma babu irinta, kada a nemi mai kama a cika. A yi wa ƙaramin yaron kayansa gaba ɗaya da shadda ruwan hanta mai duhu da aikin madara, ya zama kishiyar na yayyensa, ko a bar rigunan yadda suke a yi wa yaran uku wanduna da launi na biyu, dukkansu iri ɗaya. Rini a gida don a cizar da leshi kuwa kada a fara, rinin auduga ba ya kama zaren roba, zai rina wani wuri ya bar wani, ya kuma dusashe zaren zinaren.